Dalilin da ya sa allurar da ke warkar da dabba a da ta daina ci yanzu

Idan kana kiwo a Kankiya ko Kusada, da wuya a ce ba ka taɓa jin wani yana cewa "teramisin ɗin yanzu ba shi da ƙarfi" ba. Wani lokaci gaskiya ne, maganin jabu ne ko zafin rana ya lalata shi. Amma sau da yawa maganin yana nan yadda yake, ƙwayoyin cutar ne suka canja. Wannan bayani zai nuna maka yadda hakan ke faruwa a cikin garkenka, yadda za ka gane, da abin da za ka yi kafin ka sake ɗaukar sirinji.

Wane magani ake nufi?

Ana nufin magungunan da ake kira antibayotik, wato masu kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya ko hana su hayayyafa. Wanda muka fi sani a nan shi ne oksitetrasaikilin, allurar nan mai ruwan ɗorawa a kwalba mai duhu da mutane ke kira teramisin ko LA. Akwai kuma farar allura ta fenisilin da sitireftomaisin, da tailosin, da garin da ake kaɗa wa kaji a ruwa, da kafson mutane irin "ja da yalo" da wasu ke ɓarewa su ba dabba.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne, waɗannan magunguna bakteriya kaɗai suke yi wa aiki. Suna da amfani a kan wasu nau'o'in ciwon huhu, da kirci, da ciwon nono, da ruɓewar kofato, da rauni mai mugunya. Ba sa taɓa ƙwayar bairos, wadda ita ce ke kawo boru a shanu, da cutar PPR mai kashe awaki da tumaki, da Niyukasil da Gumboro a kaji. Haka nan ba sa kashe tsutsar ciki ko tsutsar hanta, kuma ba su ne maganin sammore ba.

Ba jikin dabba ne ke sabawa da magani ba

Mutane sukan ce "jikin ragon ya saba da allura". Ba haka abin yake ba. Ƙwayoyin bakteriya ne ke zama masu bijire wa magani, kuma hanyar da suke bi kai ma ka san ta daga gona.

Ka tuna yadda kake zaɓen iri. Bayan girbi kana ware zangarniyar geron da ta jure fari, ka ajiye ta daban, baɗi ka shuka. Bayan wasu shekaru sai ka ga gonarka duk ta koma irin mai jure fari, don shi ka yi ta bari ya haihu. To, haka magani ke yi wa bakteriya. A huhun rago ɗaya mai ciwo akwai miliyoyinsu, kuma ba duka ƙarfinsu ɗaya ba. Idan magani ya shiga, masu rauni su ne ke fara mutuwa. 'Yan tsirarun da ke da wata dabara ta kare kansu su ne ke saura, kuma yanzu fili ya zama nasu su kaɗai. Idan yanayi ya yi wa wasu nau'o'in bakteriya daɗi, ƙwaya ɗaya takan rabu biyu cikin minti 20. A wannan lissafi, kafin awa 7 ƙwaya ɗaya ta haura miliyan ɗaya. Wato zaɓen irin da ke ɗaukar ka damina biyar, su kwana biyu ya ishe su.

Dabarun nasu iri-iri ne. Wasu suna da wani abu a fatarsu mai aiki kamar injin ban-ruwa, teramisin yana shiga suna tunkuɗo shi waje kafin ya yi aiki. Wasu suna fitar da sinadarin da ke farfasa fenisilin. Wasu kuma suna sauya wurin da maganin ke kamawa a jikinsu, kamar a canja kwaɗon ƙofa, mabuɗin da ke hannunka ya zama banza.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, bakteriya ba 'ya'yansu kaɗai suke gadar wa wannan dabara ba. Suna iya miƙa ta ga maƙwabtansu, ko da ba jinsinsu ɗaya ba, ta hanyar wani ɗan guntun ƙwayar gado da suke musaya idan sun haɗu. Cikin hanjin kowace dabba, har da mai lafiya, akwai ɗimbin bakteriya marasa cutarwa. Duk allurar da ka yi, su ma tana tace su. Waɗanda suka tsira suna fita a kashi, kuma suna iya ba wa masu kawo zawo ko ciwon huhu dabarar da suka tsira da ita. Sau da yawa guntun nan ɗaya yana ɗauke da kariya daga magunguna biyu ko uku a lokaci guda. Shi ya sa za ka ga garken da teramisin kawai aka saba yi masa, amma an kawo wani maganin daban shi ma ya ƙi ci.

Wannan ba sabon labari ba ne. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi tun 1945 cewa wanda ya sha maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa.

Misali: ragon layya mai kilo 40

Ga abin da na gani a wani gida a yankin Rimaye, kuma irinsa yana faruwa kowace shekara. Mai gidan ya sayo raguna shida a kasuwar Charanci don turka. Bayan kwana biyar, ga sanyin hunturu da ƙura ga wahalar mota, ɗaya ya fara tari, majina mai kauri tana zuba, ya daina cin dusa. Mai gida ya aika yaro ya sayo kwalbar teramisin, ya zuƙi mil 2 ya yi masa sau ɗaya, don haka ya ga ana yi.

Bari mu yi lissafi. Oksitetrasaikilin na allura yana zuwa da ƙarfi daban-daban, kuma an rubuta a jikin kwalba. Mai 20%, wato LA mai daɗewa a jiki, yana da miligiram 200 a kowane mil ɗaya. Ƙa'idarsa mil 1 ga kowane kilo 10 na nauyin dabba. Rago mai kilo 40 yana buƙatar mil 4, wato miligiram 800. Mai 5% kuwa miligiram 50 kawai ke cikin mil ɗaya, kuma ba ya daɗewa a jini. Yawancin kwalabensa suna cewa mil 1 ga kilo 5 zuwa 10, kullum, kwana 3 zuwa 5. Ragon nan ke nan yana buƙatar mil 4 zuwa 8 kowace rana.

Kwalbar da yaro ya sayo mai 5% ce. Mil 2 ɗin da aka yi miligiram 100 ne kacal, kashi ɗaya cikin takwas na abin da cikakkiyar allurar LA za ta ba shi, kuma ba a maimaita ba.

Ragon ya ɗan farfaɗo, ya ci abinci kwana uku. Wannan ne ke ruɗin mutane. Maganin ya rage masu rauni, zazzaɓi ya sauka, amma masu taurin suna nan. A rana ta biyar tari ya dawo, aka sake mil 2. Mai gida kuma ya bi sauran raguna biyar ya yi wa kowa mil 2 "don rigakafi". Da aka shiga mako na uku, uku daga cikinsu suna tari. Sai a lokacin aka kira ma'aikacin lafiyar dabbobi. Ya auna, ya yi cikakkiyar allurar LA, aka jira kwana uku, zazzaɓi bai sauka ba. Dole likita ya koma wani magani na daban mai tsada. Biyu sun tashi, amma sun zube, ba su kai kuɗin da aka sa rai ba ranar kasuwa. Na farkon kuwa yanka shi aka yi, kuma huhunsa ya riga ya manne da haƙarƙari.

Ka lura da kurakurai huɗu a nan. Ba a karanta ƙarfin kwalba ba. Ba a auna nauyi ba. An tsaya da ganin sauƙi. An kuma ba wa masu lafiya magani, wanda ba abin da ya yi illa tace bakteriyar jikinsu, a daidai lokacin da suke numfashi wuri ɗaya da mara lafiya. Da ya ware ragon farko tun ranar da ya fara tari, ya yi masa mil 4 na LA, da wataƙila maganar ta ƙare a nan.

Yadda za ka san nauyi ba tare da sikeli ba

Abin awo na tela ya isa. Ka tsayar da dabba a ƙasa mai daidai. Ka auna zagayen ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba, a santimita. Sannan ka auna tsawo daga gaban kafaɗa zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya. Sai ka buga a waya:

zagayen ƙirji × zagayen ƙirji × tsawo ÷ 10,840 = nauyi a kilo

Ragon da ƙirjinsa ya kai 78, tsawonsa 70, zai ba ka 78 × 78 × 70 ÷ 10,840, wato wajen kilo 39. Sai ka lissafa a kan kilo 40. Wannan kintace ne, amma ya fi awon ido nesa ba kusa ba. Awon ido ya fi cutarwa a shanu. Bijimi mai kilo 300 yana buƙatar mil 30 na LA, amma sau nawa ka ga an cika sirinji mai mil 10 sau ɗaya an ce shi ke nan? Irin wannan adadi mai yawa raba shi ake yi wurare biyu ko uku a tsoka. A tumaki da awaki kada ya wuce mil 5 a wuri ɗaya. Kowace kwalba tana da nata bayani, shi ne a gaba da abin da wani ya faɗa maka a kasuwa.

Kafso a ruwan kaji

Da hunturu ya shigo kaji suka fara zawo kore, suna gyangyaɗi, wasu wuyansu yana murɗewa, sai ka ga an ɓare "ja da yalo" an zuba a kaskon ruwa. Wannan alamun Niyukasil ne, kuma bairos ne ke kawo ta. Ko kwali guda ka zuba, wadda za ta mutu za ta mutu. Wadda ta rayu kuma ƙarfin jikinta ne ya fitar da ita, amma sai a yaba wa kafso, baɗi a sake.

Asarar ba kuɗin kafso kaɗai ba ce. Kajin da suka sha ɗan tsinken maganin suna yawo a tsakar gida suna kashi inda yara ke rarrafe, kuma kashin yana ɗauke da bakteriyar da suka tsira. Masu kajin gona ma suna yin irin wannan kuskure idan suna zuba garin antibayotik a ruwa kowane mako "don ƙarin girma". Magani kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci shi ne hanya mafi sauri ta renon ƙwayoyi masu taurin kai. Saboda haka ne ƙasashen Tarayyar Turai suka haramta ba dabbobi antibayotik don ƙarin girma tun 2006. Ka duba jikin fakitin da ake sayar maka da sunan bitamin, da yawansu an haɗa su da antibayotik.

Abin da ke tare Niyukasil shi ne rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin nau'in I-2, wanda ya fi sauran jure zafi. Ɗigo ɗaya ake yi a ido, a maimaita duk wata 3 zuwa 4, kuma a tabbata an yi kafin sanyi ya shigo.

Yadda abin ke dawowa kan iyalinka

Wani kaso mai yawa na teramisin da ka yi wa dabba yana fita ta fitsari da kashi da sauran ƙarfinsa, tare da bakteriyar da suka jure masa. Takin nan shi muke kaiwa gona, ruwan sama kuma yana wanke shi zuwa tafki da rijiyar da ba ta da murfi. Hannun da ya share turke shi ke cin tuwo. Magungunan dabbobi da na mutane kuwa dangi ɗaya ne. Ƙwayar da ta koyi jure teramisin a hanjin akuya, ta koyi jure "ja da yalo" a cikin ɗanka. Sakamakonsa shi ne yaron da aka kai asibiti da zawo ko ciwon fitsari, a ba shi maganin farko ya ƙi, na biyu ya ƙi, sai an koma allura mai tsada da kwanciya.

Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya a 2019 kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, yankin Afirka ta Yamma ne abin ya fi shafa. Nijeriya ta fitar da tsarinta na farko na yaƙi da matsalar a 2017.

Akwai kuma ragowar maganin kansa a nama, madara da ƙwai. Kowace kwalba tana rubuta kwanakin jira kafin a yanka ko a sha nono. Ga LA, nama yakan kai kwana 21 zuwa 28 ko fiye, madara kuma wajen mako guda, wasu kamfanonin ma sun hana yi wa saniyar tatsa gaba ɗaya. Tafasa madara tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta kawar da maganin duka. Mata masu nono sun san wata alama: madarar saniyar da aka yi wa allura takan ƙi yin barci yadda ya kamata, don maganin ya kashe bakteriya masu amfani da ke sa ta tsami. Idan ragon layya ne, ka ƙirga kwanakin da suka rage kafin Sallah tun kafin ka soka allura.

Magani ya ƙi ci: bijirewa ce ko wani abu?

Ka sayi ma'aunin zafi, ba shi da tsada. A dubura ake sa shi minti ɗaya zuwa biyu, da safe kafin rana ta yi zafi. Zafin tunkiya da akuya mai lafiya yana tsakanin 38.5 da 40, na saniya kuma 38 zuwa 39.5. Idan maganin yana aiki, cikin kwana 2 zuwa 3 zazzaɓi zai sauka, dabba ta koma tuƙa. Idan hakan bai faru ba, kada ka yi saurin cewa bijirewa ce. Ka fara da waɗannan tambayoyi:

1. Cutar ta bakteriya ce kuwa? Idan awaki da yawa sun kamu a tare, da gyambo a baki, kwantsa a ido, majina da zawo, PPR ce ake zargi. Likita yana iya ba da antibayotik don ciwon huhun da ke biyo baya, amma ba zai tsayar da annobar ba.
2. An ba da cikakken adadi gwargwadon nauyi, an kuma cika kwanakin?
3. Maganin lafiyayye ne? Ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Teramisin da ya yi baƙi, ko ya yi guda-guda, ko ya yini a rana a kan tabarmar mai talla, ka bar shi.
4. An fara da wuri? Huhun da ya riga ya lalace ba maganin da zai mayar da shi.

Idan duk huɗun sun yi daidai amma ciwo yana nan, to akwai ƙwaƙƙwaran zaton bijirewa. Tabbacinsa sai a ɗakin gwaji. Likita yana ɗaukar majina, madara ko mugunya, a shuka ƙwayoyin a faranti, a ɗora 'yan ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban. Maganin da ke aiki zai bar fili fes a kewayensa, wanda ba ya aiki kuwa ƙwayoyin za su tsiro har jikinsa. Yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3. Ana yin irin wannan gwaji a asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da kuma Vom. An fi son a ɗauki samfur kafin a fara magani. Ga mai akuya biyu tafiyar ta yi nisa, amma ga mai kaji 500 da ke mutuwa duk zubi, ko ƙungiyar da cuta ɗaya ke zagaya garkunan mambobinta, kuɗin gwaji bai kai na kwalaben da ake saya a kan canki-canka ba.

Abin da ba za ka yi ba shi ne haɗa allura biyu ko uku a sirinji ɗaya don "ɗaya ta dace". Teramisin da fenisilin ma suna iya rage wa juna ƙarfi, kuma kana koya wa ƙwayoyin jure dukansu a zama ɗaya.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Ƙwayoyin nan ba su san iyakar gida ba. Dabbobin Yashe da na Kafin Soli suna haɗuwa a kasuwa da mashaya, don haka kiyayewar mutum ɗaya ba ta isa. Abubuwa uku sun fi sauƙi idan an yi su a ƙungiyance.

Na ɗaya, rigakafi a rana ɗaya. Kwalbar rigakafi ta dabbobi da yawa ce, kuma da an haɗa ta sai a ƙarar da ita cikin 'yan awoyi. Ku tara dabbobi, ku yi magana da ofishin lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma. Allurar PPR ɗaya tana kare akuya aƙalla shekara 3, ta ciwon huhun shanu kuwa duk shekara ake yi. Duk cutar da aka tare, kwalbar antibayotik ce da ba a buɗe ba.

Na biyu, killace sabuwar dabba. Wadda aka sayo daga kasuwa ta yi aƙalla mako 2, in da hali 3, a turke daban da kwanon ruwanta daban kafin ta shiga cikin sauran.

Na uku, littafin magani. Sakatare ya riƙa rubuta rana, dabba, nauyi, sunan magani da ƙarfinsa, mil nawa, kwana nawa, da yadda aka ƙare. Bayan wata shida, ku buɗe shi tare da likita. Idan kun ga maganin da ke tayar da dabba cikin kwana uku a bara yanzu yana gazawa ko da an bi ƙa'ida, kun samu hujjar da za ku kai samfur gwaji kafin lokacin turkar raguna ya sake zagayowa.